Akushi na Biyar

Ina aji uku a elemantare ta Gwarzo aka aiko mana da duba-gari. Lokacin hutun bazara ne, na koma gida, wani ƙaramin gari da ke gefen hanyar Kabo, inda kowa ya san yawan awakin kowa. Mu mata huɗu ne kacal a ajinmu, kuma ni ce wadda malam yakan manta tana nan sai ya zo kiran suna. Ba na magana sosai. Abin da na iya shi ne kallo, da ƙirga abin da ba wanda ya sa ni in ƙirga.

Duba-garin saurayi ne siriri, da gajeren wando na kaki da keke mai ƙararrawa. Aikinsa ya shiga gida gida ya leƙa randa ko akwai tsutsa, ya duba makwarara da bayan gida da rumfar mahauta. Ba wanda ya yi murna da zuwansa. Mata suka kwana biyu suna ƙwalƙwale randuna, maza kuma suna tambayar juna wa ya kai ƙarar garinmu har aka turo shi, don ba su yarda haka kawai aka tuna da mu ba. Dagaci ya sauke shi a shigifarsa, aka ce zai yi kamar mako biyu.

A garinmu baƙon dagaci ba na dagaci kaɗai ba ne. Gida biyar ke kai masa tuwo bayan magariba, kowane gida da akushinsa: gidan dagaci, gidan liman, gidan sarkin pawa, gidan sarkin noma, sai namu, domin kakana ya taɓa riƙe unguwar yamma. Tun da babana ya rasu ba abin da ya rage mana na wannan girma sai kai akushin, shi ya sa Inna ba ta wasa da shi. Gidanmu ne na ƙarshe a garin, dab da ƙofar yamma. Ni aka ɗora wa akushin, tunda ina gida ba abin da nake yi sai karatun da Inna ke cewa ba ya cika tukunya.

Ɗanwake Inna ke sayarwa. Kullum da hantsi yara kan cika tsakar gidanmu da kwanuka, tana kwasowa daga tukunya, tana zuba man gyaɗa da yaji. Da shi muke ci, da shi ake saya mini sabulu da alli idan zan koma Gwarzo. Ƙanen babana, wanda nake kira Baffa, shi ne babba a gidan, yana ɗinkin hula a gindin ceɗiyar ƙofar gida, amma ɗinkin hula ba ya ciyar da mutum bakwai.

Daren farko na isa na tarar da 'yan mata huɗu a tsugune bakin shigifa, kowace tana jiran akushin gidansu. Na miƙa nawa na tsuguna can gefe. Da ya gama sai ya ce kowa ta ɗauki nata. Wannan ma sabon abu ne. Baƙin da muka saba gani sukan zo da mutane, a rarraba, ko su tsoma hannu a kowane akushi ko da loma ɗaya ce, don kada wani gida ya ji an raina shi. Shi wannan shi kaɗai ne, kuma ya ce bai yarda abinci ya kwana a ɗakinsa ba. Na ɗaga nawa na ji nauyinsa kamar yadda na kawo shi.

Inna ta buɗe faifan ta haska da fitila. Tuwon yana nan da santsinsa, ko shatin yatsa babu.

"Ke, kin kai kuwa?" Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana.

Na ce na kai.

"Ko kin tsaya wasa ya huce?"

Na ce ban tsaya ba. Ta dube ni, ta dubi gefen akushin ko akwai ƙasa, ko na yar ne na kwashe na mayar. Ba ta ga komai ba. Ta ce wataƙila gajiyar hanya ce, muka cinye tuwon.

Dare na biyu haka. Na uku haka. 'Yan matan nan huɗu kuwa suna da idanu da baki. Kafin kwana na huɗu duk garin ya san duba-gari yana cin na kowa ban da namu.

Da wani baƙo ne da ba a damu ba. Amma mutumin da aka koya masa ganin abin da ido ba ya gani a cikin ruwa, idan ya buɗe akushinka ya rufe, to ya ga wani abu. Haka aka yi ta faɗa a bakin rijiya. Wasu suka ce ƙazanta ce, wai randarmu. Wasu suka ce ba ƙazanta ba ce, akwai abin da Inna ke barbaɗawa don jan ciniki, shi kuwa ɗan birni yana da tsari a jikinsa, ya gane. Wata ta tuna ɗanta ya taɓa yin ciwon ciki bara, ranar da ya ci ɗanwakenmu, ko washegari, ba ta tabbata ba. Ina tsaye da guga a hannu suke faɗin wannan. Sun saba da ni kamar yadda aka saba da turmi.

Yaran da ke zuwa da hantsi suka fara raguwa. Ranar farko ban ga 'ya'yan gidan sarkin noma ba, sai na maƙera suka bi. Inna ta rage ƙullu, duk da haka ya yi saura.

A cikin gidanmu ma kowa da wanda yake zargi. Baffa ya ce kaza mutumin ke so, haka ma'aikata suke, ba sa roƙo da baki. Inna ta ce a'a, wani ne ya kai masa magana a kanta, kuma ta san ko wace ce, akwai mai son fara ɗanwake a unguwar gabas. Wani lokaci kuma sai in ga tana kallona. Ta taɓa tambayata, ba tare da ta ɗago daga tankaɗe ba, ko na yi masa wani abu na rashin kunya irin na 'yan boko. Ni kuwa ko idonsa ban taɓa kallo ba.

Abin da nake kallo hannunsa ne. Asabarin ƙofar shigifar ya tsinke a gefe ɗaya, daga inda nake tsugune ina ganin tabarmarsa da fitilarsa. Yakan jawo na gidan dagaci, wanda kullum shi ke fara shiga, ya ci kamar ana binsa, ba ya ɗago kai, har ya suɗe gefe da yatsa. Sai ya jawo na liman. Nan lomar ta ƙanƙance, yana ci yana duba wani ɗan littafi, ya tsaya a rabi. Na sarkin pawa nama kawai yake tsincewa, ya haɗa da loma uku ko huɗu. Kafin ya kai na sarkin noma ya jingina da bango ya kwance maɓallin wando, ya gutsuri ɗaya ya daɗe yana juya ta a miya. Namu kuwa yakan ɗaga faifan, ya duba, ya yi ajiyar zuciya, ya mayar a hankali ya daidaita shi. Ban taɓa ganin ya yamutsa fuska ba. Fuskar da yake yi irin wadda ƙanena ke yi ce ranar salla da yamma idan aka miƙo masa wani abin.

Na san tuwon gidan dagaci. Na sha ci. Yana da gudaji, miyarsu kuma ruwa-ruwa ce, daddawa ba ta ji. Ba ya kama ƙafar na Inna. Wannan shi ya fara tsaya mini a rai.

Ranar kwana na biyar Inna ta yanka kazarta mai ƙwai. Ta yi tuwon shinkafa da 'yar shinkafar da ta ajiye, ta sa man shanu. Aikin ya ja lokaci, na isa an kusa kiran isha, ya riga ya wanke hannu. Ƙamshin ya sa ya sake zama. Ya ɗauki fiffike ɗaya ya ci, ya tsaya yana kallon sauran kamar mai jin haushin kansa, ya rufe. 'Yar gidan sarkin pawa ta leƙa akushin da na fito.

"Yau ya ɗanɗana," in ji ta. "Ya ɗanɗana ya janye hannu."

Washegari maganar ta fi ta jiya muni. Kazar kuwa mu muka ci ta.

Daren da ya biyo aka yi haihuwa a gidan liman, tuwonsu ya makara, na riga 'yarsu isowa. Namu ya zama na huɗu. Ina kallo ta tsagar asabari ya gutsuri loma biyu daga tuwon Inna. Da na liman ya shigo, wanda kullum yake cin rabinsa, ya ɗaga faifan, ya yi ajiyar zuciyar nan, ya mayar ya daidaita. Na koma gida da sauri har miya na zuba mini a wuya.

Na tarar da Baffa da Inna a tsakar gida. Na ajiye akushin na ce:

"Baffa, ba tuwon ba ne. Layin ne."

"Wane layi?"

Na ce idan na taso daga Gwarzo a ƙasa na iso gida, moɗar farko da Inna ke miƙo mini ba abin da ya kai ta daɗi a duniya. Ta biyu ma ina sha. Ta uku sai in kurɓa in ajiye. Da za a ba ni ta biyar sai dai in wanke ƙafa da ita, alhali randa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne. Na ce haka yake yi da akusan. Duk wanda ya zo farko shi ke samun yunwar, na bayansa ya samu abin da ya rage. Kafin a zo kanmu ta ƙare. Na ce yau na liman ne ya zo ƙarshe, kuma shi ne ya koma ba a taɓa ba.

Baffa ya yi dariya har hular da yake ɗinki ta faɗi. "Yaya, kin ji abin da ake koya musu. Wai tuwo ma sai ya yi fareti."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na liman ya koma a rufe?"

Na ce da idona na gani.

"To gobe za mu ji abin da za a ce a rijiya."

A rijiya cewa aka yi tuwon gidan liman ya huce ne, ga hidimar haihuwa, wa zai ga laifinsu. Namu kuwa da ya ci loma biyu, wai kunya ce ta kama shi don ya ji ana magana.

Duk da haka Inna ta yarda ta gwada. Ta ɗora tukunya tun la'asar, ana sallame magariba ina bakin shigifa, ba kowa sai ni. Na ɗaga ƙafa zan shiga sai wata tsohuwa ta gidan dagaci, wadda ke kula da fitar da abincin baƙi, ta riƙe mini zane.

"Ina za ki, 'yar boko?"

Na nuna akushin da haɓa.

"Tun yaushe na unguwar yamma ke shiga kafin na maigari? Uwarki ce ta aiko ki da wannan, ko a makaranta aka koya miki?" Ta ɗaga faifan ta sunsuna, ta daɗe tana sunsunawa. "Saurin me ake yi haka? Me ke ciki da ba a so ya huce?"

Ta zaunar da ni a gefenta har na dagaci ya fito, na liman ya zo, na sarkin pawa, na sarkin noma. Sannan ta ce in shiga. Ashe layin da nake tsammani nisan gida ne ya jawo shi, tsari ne tun na kakanni, kuma daren haihuwar nan ma don tsohuwar tana can gidan barka ne aka samu ya karye. Na koma da akushin cike. Washegari aka ƙara sabuwar magana: Inna ta turo 'yarta da gudu don ya ci tun abin yana da ƙarfi.

Ranar yara uku suka zo sayen ɗanwake, ɗaya ma bai ji labarin ba ne, daga ruga yake. Inna ta zauna gaban tukunya har rana ta take, ba ta kashe wutar ba, ba ta kuma ƙara ice ba. Ta ce da Baffa idan mutumin nan ya tafi a haka, maganar ta zauna ke nan, ba mai sake goge ta. Saura kwana huɗu ya tafi. Ta ce in cire rai da komawa Gwarzo, don ba ta ga da abin da za ta sallame ni ba. A hankali ta faɗa, tana tattara ludayi.

Akwai abin da na lura da shi tun kwanakin farko, ban dai san yana da amfani ba. Da safe gidan dagaci kan ba shi koko, ya hau keke ya fita ƙauyukan kewaye da rugage, wani lokaci har wajen Dugabau. A can ba mai ba shi ko ruwa, da an ji ƙararrawarsa mata ke shigewa ɗaka a bar shi da karnuka. Wajen azahar yake dawowa ta ƙofar yamma, ya sauka a gindin ceɗiyarmu ya huta kafin ya ƙarasa cikin gari. Mazan da ke zama wurin Baffa sukan amsa sallamarsa su yi shiru. Na ga leɓensa a bushe. Na ga yadda idonsa ke bin yaron da ya wuce da rake. Mutumin da ake jibga wa akushi biyar da magariba, da azahar ba shi da ko ƙwayar gyaɗa, kuma duk garin ba wanda ya ga haka, don abincin baƙo da magariba aka san shi.

Ban gaya wa Inna abin da na ƙudura ba, na san ba za ta yarda ba. A shigifa aƙalla akwai asabari. A gindin ceɗiya kuwa idan ya buɗe ya rufe, a gaban maza goma zai yi, kuma ni ce na kai.

Da na ji ƙararrawar keken, Inna tana ɗaki tana salla. Na ɗauki kwano na kwashi ɗanwaken da ya yi kwantai. Ya riga ya huce, ya fara tauri a gefe. Na zuba mai kaɗan don man ya kusa ƙarewa, na barbaɗa yaji, na ɗebi ruwa a moɗa. Daga zaure zuwa gindin ceɗiya taku goma sha biyu ne. Na durƙusa na ajiye a gabansa.

"Sannu da aiki, Malam." Ban tabbata ya ji ba.

Maganar da mazan ke yi ta tsaya. Baffa ya bar allura a cikin hula. Wani tsoho mai sayar da igiya, wanda ba ya raga wa kowa, ya gyara zama don ya gani da kyau.

Duba-garin ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya shanye ruwan moɗar a tashi ɗaya, ya manta bai rage na wanke hannu ba, sai da na koma na ƙaro. Ya yi bismilla. Ban ɗago kai ba, hannunsa kawai nake gani yana zuwa yana dawowa, irin zuwan da yake yi wa akushin dagaci. Bai tsaya ba har ya ga gindin kwanon, ya bi man da yatsa.

"Alhamdulillahi. Wace ce mai wannan hannu? Rabona da ɗanwake irin wannan tun na kakata."

"Na gidan nan ne," in ji Baffa. "Matar yayana ce. Ita ce dai mai akushin da kake mayar mana kullum, Malam."

"Wane akushi?"

"Na ƙarshe. Mai faifai da jan baki."

"Au, naku ne?" Ya goge baki. "Ai kullum tausayin akushin nan nake ji. Kafin ya iso ba ni da wurin sa shi, ko numfashi da ƙyar nake yi. Sai in ga gara in bar shi da tsabtarsa masu shi su ci, da in jagwalgwala shi a banza. Shekaranjiya waccan ma da kuka sa kaza, na kwana ina tunaninta."

"Ba abin da ka gani a ciki?" in ji mai igiya.

"Kamar me, Baba?"

"Mu muka sani? Kai ne mai gani."

"Na ga tuwo da miya."

"To randarsu fa?"

"Na duba ta tun ranar farko. Da taka ta kai ta tsabta, Baba, da ban sa an kifar da ita ba."

Aka yi dariya, mai igiya ya ce randarsa ta girmi uban wanda ya kifar da ita. Duba-garin ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, na ga dariyarsa tana raguwa. Ya tambayi Baffa ko wani abu ya faru ne. Baffa ya ce babu komai, Malam, garin ne kawai ƙarami.

Da a nan aka tsaya da ya fi. Amma daɗi ya kama Baffa. Ya ce in koma in ciko kwanon, in cika shi har baki, a ga yadda ake karɓar baƙo a gidan nan. Na tsaya ina kallonsa, ina so in ce kada, bakina ya ƙi buɗewa a gaban mutane. Ya daka mini tsawa. Na ciko na kawo.

Duba-garin ya ce ai ya ƙoshi, Baffa ya ce ina, ko kaɗan ne. Ya ci don kunya. Ina ƙirgawa: shida da ɗan sauri, uku a hankali, ɗaya ya riƙe a hannu yana magana har ya mayar. Ya ture kwanon da fiye da rabi a ciki.

"Ga shi nan," in ji mai igiya, ƙasa-ƙasa, yana duban na kusa da shi. "Na farkon yunwa ce ta rufe masa ido. Yanzu ya fara dawowa hayyacinsa."

Baffa ya buɗe baki zai ce a ƙaro yaji ko mai, na san abin da zai biyo baya. Ban san lokacin da na ɗauke kwanon daga gaban duba-garin na ajiye shi gaban mai igiya ba. Tun safe yake zaune a wurin, igiya biyu kawai ya sayar, ban ga ya sa komai a baki ba sai ɓarin goro.

Ya dubi kwanon. Ya dube ni. "Ke 'yar boko, ni za ki gwada?"

Na sunkuyar da kai.

"Ci mana, Baba," in ji duba-garin. "In akwai abu a ciki ai tare za mu tafi, ka samu abokin hira."

Tsohon ya ce shi ba tsoro yake ji ba, ya ga abin da ya fi wannan. Ya ɗauki ɗaya da yatsu biyu ya juya shi ya duba ƙasansa. Ya sa a baki. Ya ɗauki na biyu bai duba ba. Wani ya miƙo hannu, tsohon ya buge hannun, ya ce wa aka ajiye wa.

Da na shiga gida Inna tana tsaye a bayan ƙyauren zaure, ta ji komai. Ta karɓi kwanon ta juya shi. Ta ce wa ya ba ni izinin taɓa mata tukunya. Sannan ta ce in je in jiƙa kanwa ta gobe.

Daga ranar duba-garin ya riƙa tsoma hannu a kowane akushi da magariba, loma ɗaya ɗaya tun daga farko, kafin ya koma kan na dagaci. Wani ya gaya masa al'adar, ina jin Baffa ne. Da azahar kuma yakan tsaya gindin ceɗiya ya sayi ɗanwake, kwano ɗaya, bai taɓa neman ƙari ba.

Garin bai ce ya yi kuskure ba. A rijiya na ji ana cewa Baffa ya kai wa duba-garin hula biyu a ɓoye. Wasu suka ce abin da Inna ke barbaɗawa ne ya ci ƙarfin tsarinsa, ba ga shi kullum sai ya zo da ƙafarsa ba. Inna kanta ba ta taɓa yarda da maganata duka ba. Har na koma Gwarzo tana cewa akwai dai wadda ta kai sunanta, Allah ne ya mayar mata da abinta.

Washegarin ranar ceɗiya yara bakwai suka zo. Kwana biyu bayan haka na daina ƙirgawa, don hannuna yana cikin wanke kwanuka. Ranar da duba-garin ya ɗaure akwatinsa a bayan keke, wata dattijuwa daga unguwar marina ta shigo da kanta, da kwano a ƙarƙashin mayafi. Suka gaisa da Inna, gida da yara da zafi da gajiya, har gaisuwar ta ƙare ba ta fito da kwanon ba. Daga baya ta miƙa, ta ce na jikokinta ne. Inna ta zuba, ta sa mai da yaji. Matar ba ta karɓa ba, ta tsaya tana kallon cikin kwanon.

Inna ta gane. Ta sa hannu ta ɗauki ɗaya daga tsakiya ta ci a gabanta, ta tauna a hankali ta haɗiye. Ta ɗebo wani daga tukunya ta mayar a gurbinsa.

"Allah ya amfana," in ji matar. Ta rufe kwanon da gefen mayafi. Ta kai bakin zaure ta juyo ta ce gobe a ajiye mata na kwabo, za ta aiko da wuri.